Fili Mai Gargada: Abin da Za Ka Duba Kafin Ka Busa Usur

Malam, dole ne sai na rubuta takardar duba haɗari? Gudu ne fa kawai.

Dole ne. Shafi ɗaya ya isa, a ja masa layi huɗu: abin da zai iya jawo rauni, wanda zai shafa, girman haɗarin, da matakin da ka ɗauka. Ka sa kwanan wata, ka sa hannu.

Na duba filin a farkon zango. Bai wadatar ba?

A'a. Daren jiya shanu sun ratsa ta ciki, gafiya ta yi sabon rami, 'yan ƙwallon unguwa sun bar duwatsun da suka yi raga da su. Kowace rana da za a fita, a taka filin da ƙafa, layi bayan layi, ba a tsaya a inuwar darbejiya ana hange ba. Ka nemi rami, shurin gara, fasasshiyar kwalba, tsidau da ƙarangiya. Sawun kofato da ya bushe bayan ruwa ya fi komai sa targaɗe, domin ciyawa na rufe shi.

Yaya ake auna girman haɗarin?

Ba wa yiwuwar faruwarsa maki 1 zuwa 3, munin raunin ma 1 zuwa 3, sai ka ninka makin farko da na biyu. Ni dai duk abin da ya kai 6, ba a farawa sai an gyara.

Filinmu yana da wani lotsawa wajen mita 70 a layin tseren mita 100, ga gasar gidaje saura mako biyu. In cike shi, ko in soke tseren?

To, wannan ce tambaya. Amsar ta danganta da zurfin wurin, da irin bakinsa, da lokacin da ke hannunka. Fara da awo. Ɗora miƙaƙƙen katako a kan wurin, ka sa rula ka ga zurfinsa. Lotsawar da ta sauka a hankali cikin mita uku ko huɗu, ƙafa tana iya bi da ita. Rami mai kaifin baki kuwa, ko zurfinsa yatsa uku ne, yana iya murɗe idon sawu, tunda mai tsere gabansa yake kallo, kuma a mita 70 yana cikin tsananin gudu. Irin wannan ina ba shi 3 a yiwuwa, 2 a muni, ka ga ya kai 6.

Idan za ka cike, kada ka zuba yashi. Na taɓa yin wannan kuskuren a wata makaranta da na koyar: wurin ya yi sumul a ido, yarinya ta taka, ƙafa ta nutse, ta kife ta daki ƙasa da wuyan hannu. Jar ƙasa ake sawa, kaɗan-kaɗan, a yayyafa ruwa, a daɓe, a sake zubawa, har ta yi daidai da gefe. Bayan kwana biyu ka danna da dunduniya da dukan nauyinka. In ta bar shaida, bai yi ba. Mako biyu na iya isa da rani. Da damina ban yi maka alkawari ba, ruwa ɗaya zai iya kwashe aikin.

In cikon bai kama ba, ba sai ka soke ba. Mayar da tseren mita 50, ko ka juya layukan zuwa inda filin ya fi lafiya. Amma ka lura, yara ba sa tsayawa cak a layin ƙarshe, suna buƙatar kamar mita 15 na fili mai kyau su rage gudu. Tseren mita 60 da rami a mita 70 bai magance komai ba. Kuma in filin gangare ne, kada a yi tseren ana gangarawa. Hedimasta zai ce baƙi sun saba ganin mita 100. Nuna masa takardar, ka ce ya sa hannu a gefen makin 6. Yawanci a nan maganar ke mutuwa.

Da me zan yi wa wuri mai haɗari alama?

Toka ko farar ƙasa, da jarkar roba. Ban da dutse, ban da turke. Don Allah a daina wannan.

Yara su yi gudu ba takalmi?

Inda akwai ƙaya, a'a. Silifa kuma ya fi ƙafa tsirara haɗari.

Zafi fa?

A Maris da Afrilu a fita da sassafe, a ajiye ruwan sha a bakin fili. Ka san masu sikila da masu asma tun kafin ranar, musamman lokacin ƙurar hunturu. In ka ji tsawa, kowa ya shiga aji, ba gindin bishiya ba, a jira minti 30 bayan ta ƙarshe.

Na duba komai, amma yaro ya yi targaɗe. Laifina ne?

Kwantar da hankalinka, yana faruwa ko a fili mai kyau. Zaunar da shi, ɗaga ƙafar, sa ƙanƙara a cikin tsumma na minti 15 zuwa 20. Kada kowa ya ja ƙafar da sunan gyara. In ya kasa takawa, ko wurin ya karkace, sai asibiti, a kuma kira iyayensa. Sannan ka koma ka nemo inda ya taka, ka ƙara shi a takardar.