Tsarin Safiya ga Masu Aikin Karɓa-karɓa

Tsarin safiya ga mai aikin karɓa-karɓa shi ne jerin 'yan abubuwan da mutum yake yi ɗaya bayan ɗaya duk lokacin da ya tashi daga babban barcinsa, ko da ƙarfe nawa ne. Ma'aikatan jinya da direbobin dogon zango su suka fi buƙatarsa, domin safiyarsu ba ta da mazauni ɗaya. A asibitoci da yawa na Kaduna ana raba aikin jinya gida uku: na safe, na yamma da na dare. Nas ɗin da ta tashi da asuba a wannan mako tana iya zama ita ce mai kwanciya da hantsi a mako mai zuwa. Shi ya sa tsarin da aka ɗaure da agogo yake wargajewa da zarar jadawali ya juya, wanda aka ɗaure da tashi daga barci kuwa yana bin mai shi duk inda aka kai shi.

Agogon jiki

A cikin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan gungu na ƙwayoyin jijiya da ke riƙe da zagayen kusan awa 24, kuma hasken da ke shiga ido shi ne babban abin da ke saita shi. Idan duhu ya yi, jiki yana sakin sinadarin melatonin mai shirya shi ga barci. Haske mai ƙarfi kuma yana danne shi. Wajen ƙarfe 3 zuwa 5 na dare zafin jiki yake kaiwa ƙasa, nan ne gyangyaɗi yake fi kama mai aikin dare. Wannan agogo ba ya juyawa dare ɗaya. Da ƙyar yake matsawa da awa ɗaya ko biyu a rana. Saboda haka wanda aikin darensa kwana biyu ne ko uku, bai kamata ya wahalar da kansa wajen mayar da dare rana ba, don kafin jiki ya saba an mayar da shi aikin safe.

Jerin tashi

Jerin da ke ɗorewa gajere ne, minti 20 zuwa 30, kuma bai wuce abubuwa huɗu ko biyar ba: a sha ruwa, a yi alwala da salla, a fita haske a ɗan motsa jiki, a yi wanka, a ci abinci. Abin da ake kiyayewa shi ne kowanne ya biyo bayan ɗan'uwansa ba tare da an tsaya shawara ba. Dalili shi ne magagin barci, wanda yakan ɗauki minti 15 zuwa 30, wani lokaci har awa guda idan an tashi daga barci mai nauyi. A cikin magagi mutum ba ya iya tsara komai, amma hannu yana iya bin abin da ya saba. Kayan aiki, katin shaida, makulli da kuɗin mota kuwa tun kafin kwanciya ake haɗa su wuri guda. Waya ta jira ƙarshen jerin. Ita ce ɓarauniyar rabin awar nan.

Musulmi yana da sauƙi ɗaya a nan, tunda salla ta riga ta kafa masa turaku a yini. A Kaduna alfijir yana ketowa wajen ƙarfe 5 duk shekara, bambancin bai taka kara ya karya ba. Ranar aikin safe jerin yana rataye da Asuba, ranar da aka kwana aiki kuma sai ya koma jikin Azahar.

Misali: safiyar da ta biyo bayan aikin dare

A ɗauki nas mai zama a Rigasa, tana aiki a wani asibiti a tsakiyar gari, aikin dare uku a jere, tana miƙa aiki da ƙarfe 8 na safe. Asuba ta same ta a bakin aiki. Shayi ko kofinta na ƙarshe bai wuce ƙarfe 2 zuwa 3 na dare ba, saboda sinadarin kafeyin yakan ɗauki kimanin awa 5 kafin rabinsa ya bar jiki. Goro ma yana da shi, abin da masu taunarsa da asuba don korar barci sukan manta.

Tana fitowa rana ta riga ta ɗaga, hasken nan kuma yana gaya wa jikinta cewa yini ya fara. Sai ta sa baƙin tabarau a hanya, in dai ba ita ke tuƙi tana jin barci ba. Ta isa gida wajen 9, ta sha koko da ƙosai kaɗan don kada yunwa ta tashe ta, ta watsa ruwa, ta kwanta kafin 10. Ba ta biya kasuwa, ba ta ce bari in ɗan yi wanki tukuna. Duk awar da ta ɓata a nan ta tafi ke nan, domin da tsakar rana agogon jiki zai tashe ta ko ta ƙoshi ko ba ta ƙoshi ba. Barcin rana dama yakan gaza na dare da awa ɗaya zuwa uku.

Ɗakin yana son labule mai kauri da iska. A watan Maris da Afrilu, idan kwanon rufi ya ɗau zafi kuma an ɗauke wuta, fanka mai caji ta fi kowace dabara amfani. Sai kuma mutanen gida, wanda shi ne ya fi wuya: a gidan yawa, barcin hantsi kamar lalaci ake kallonsa, sai an zauna an yi wa kowa bayani cewa wannan shi ne darenta.

Tana tashi wajen ƙarfe 2, a nan safiyarta take. Ruwa, alwala, Azahar, minti goma a tsakar gida cikin haske, wanka, sannan babban abinci. Awa huɗu ba su isa ba, don haka bayan La'asar tana ƙara barcin minti 90 ta tashi kafin Magariba. Ranar da ta gama dare na ƙarshe kuwa tsarin yana sauyawa: ta tashi da azahar, ta hana kanta barcin yamma, ta kwanta bayan Isha'i don ta koma layin masu tashi da asuba.

Direba

Direban da ke lodi a tashar Kawo ko Mando bai san lokacin tashinsa ba sai layi ya zo kansa kuma mota ta cika. Jerinsa ɗaya ne da na nas, sai dai ya ƙare da duba ruwa, baƙin mai, taya da birki, wanda yake cinye sauran magagin kafin ya riƙe sitiyari. Idan ya yi ƙailula a tasha, minti 20 ya isa. In ta zarce haka yakan faɗa barci mai nauyi ya tashi kansa a ɗaure.

Iyakarsa da alamun lalacewa

Jerin tashi ba ya biyan bashin barci. Babba yana buƙatar awa 7 ko fiye a cikin awa 24, ko da a kashi biyu. Alamar cewa bashin ya taru ita ce nas ta karanta takardar magani sau uku ba ta shiga ba, ko direba ya kasa tuna garin da ya wuce yanzun nan, ko ya ji taya ta taɓa gefen kwalta. A nan buɗe gilashi da ƙure rediyo ba sa magani, sai a faka a wuri mai aminci a runtsa. Wanda yake samun lokacin kwanciya amma barcin ya ƙi zuwa har makonni, ko yake minshari mai ƙarfi numfashinsa yana tsayawa, likita zai gani, kuma kada ya fara shan ƙwayar barci da kansa, musamman idan zai tuƙa mota bayan ya tashi.