Mene Ne "Fibo", Kuma Daga Ina Ake Jan Layinsa?

Kwanan nan duk inda masu cinikin kirifto da na canjin kuɗi suka taru sai ka ji "Fibo". Wannan ya ce farashi ya taɓa Fibo, wancan ya ce kasuwa ta girmama 61.8. Abin da ke damuna shi ne da wuya ka ji mai maganar ya faɗi daga ina ya ja layin, kuma a ina ya dire shi. In babu waɗannan biyun, bai gaya maka komai ba, domin 61.8 kaso ne, kuma kaso sai an san na mene ne.

Farashi ba ya hawa a miƙe. Yakan hau, ya ɗan ja da baya, ya sake hawa. Tafiyar da ya yi daga wani kwari zuwa wata ƙololuwa ita ce zango, wadda 'yan kasuwar ke kira suwin. Fibo shi ne ma'aunin da a TradingView, manhajar duba allon farashi, aka sa wa suna `Fib Retracement`, kuma aikinsa ɗaya ne: ka nuna masa farkon zango da ƙarshensa, shi kuma ya yanka tsakanin a kashi 23.6 da 38.2 da 50 da 61.8 da 78.6 cikin ɗari. Ga lissafin idan kasuwa hawa take:

```
mataki = sama - (sama - kasa) * kaso
```

Sunan ya samo asali ne daga Leonardo na birnin Pisa, wanda aka fi sani da Fibonacci, wanda ya kawo jerin lambobin nan a littafinsa na 1202, ko da yake masana lissafin Indiya sun riga shi saninsu. Kowace lamba jimlar biyun da suka gabace ta ce: 21, 34, 55, 89, 144. Raba 34 da 55 ka samu 0.618, raba ta da 89 ka samu 0.382, da 144 kuma 0.236. Shi kuwa 50 ba ɗan gidan ba ne sam. Rabi ne kawai, tsofaffin 'yan kasuwar hannun jari suka saba lura da shi, aka cusa shi cikin jerin. Ina son mutane su riƙa tuna wannan, saboda yana rage wa abin kwarjinin da ake ba shi kamar wani asiri.

To, bari mu ɗauki misali mu zauna a kansa. A ce farashin wani abu ya tashi daga 100 ya kai 150, ya sauko 140, sannan ya zarce har 200, yanzu kuma ya fara saukowa. Mutum biyu suna kallon allo ɗaya. Na farko ya ja daga 100 zuwa 200, tazarar 100 ke nan. Nasa 38.2 ya faɗo a 161.8, rabi a 150, 61.8 kuma a 138.2. Na biyu ya ja daga 140 zuwa 200, tazarar 60. Nasa 38.2 yana kusan 177, rabi a 170, 61.8 a kusan 163.

Dukansu sun ce "zan saya a 61.8", amma ɗaya yana jiran 138, ɗaya yana jiran 163. Idan farashi ya sauko 162, na biyu gabansa na faɗuwa, don an cinye kusan biyu bisa uku na zangonsa. Na farko kuwa ko gezau, a wurinsa kasuwa numfashi kawai ta yi. Babu wanda ya yi kuskuren lissafi. Tambayoyi biyu daban suka yi wa kasuwa.

A nan ne ake yaudarar kai. Mutum ya jira har farashi ya juya a 170, sai ya koma yana matsa kan layin daga wannan kwari zuwa wancan har ya samu wanda ya dace, sannan ya ɗauki hoto ya ce kun gani. Haɗa matakan zangunan nan biyu ka duba: 138, 150, 162, 163, 170, 177, ba a ma kawo 23.6 da 78.6 ba. Ƙara zango na uku, allo ya cika da layuka kamar saƙar gizo. Duk inda farashi ya tsaya, dole akwai layi a kusa. Wannan ba hasashe ba ne, harbi ne aka yi sannan aka zana da'ira a inda kibiya ta faɗi.

Saboda haka zaɓen zango yana zuwa ne kafin farashi ya iso, kuma da ƙa'ida. Abin da za ka fara tsayarwa shi ne lokacin da kake ciniki a kai. Wanda ke riƙe kaya makonni, yana duba kyandir na kwana guda, wato zanen da ke nuna inda farashi ya buɗe da inda ya rufe da iyakar hawansa da saukarsa a ranar, saukowar nan daga 150 zuwa 140 wataƙila kyandir biyu ce a wurinsa. Auna ta ma: 10 ce cikin 50, kashi 20, ko matakin farko ba ta kai ba. Zangonsa 100 zuwa 200 ne. Wanda ke duba kyandir na awa ɗaya ko huɗu, zai shiga ya fita cikin kwana biyu, shi a allonsa 140 kwari ne sosai, kuma daga nan ne aka taso aka karya 150. Kwarin da aka taso daga cikinsa aka karya ƙololuwar baya, shi ne farkon zango. Abin da ba na yarda da shi shi ne mutum ya shiga da ƙaramin zango, farashi ya faɗi ƙasa da 140, sai ya ce ai dama babban yake kallo. Da zarar an keta 140, ƙaramin zango ya mutu, dalilin shigarsa ya tafi tare da shi.

Sai ƙololuwar kanta. Ba a ce wa wuri ƙololuwa sai an bar shi. Ƙa'idar da Bill Williams ya yaɗa tana da sauƙi: kyandir biyar a jere, na tsakiya ya fi biyu na hagu da biyu na dama tsawo. Ma'ana sai kyandir biyu sun rufe bayan 200 kafin ka amince da ita. Mai gaggawa ya ja layi tun farashi na hawa, sai a kai 210, nasa 61.8 ya tashi daga 138 ya koma 142, duk sauran layukan su ma su gusa.

Akwai kuma maganar lagwani, siririn zaren nan da ke fita daga jikin kyandir. A ce ranar da aka yi kwarin, farashi ya leƙa 90 na ɗan lokaci amma ya rufe a 100. Wanda ya kama bakin lagwani, tazararsa 110 ce, kuma 61.8 nasa ya koma 132. Ni bakin lagwani nake kamawa, domin an yi ciniki a can, kuma yawancin masu jan layin can suke kamawa. Wanda ya zaɓi jikin kyandir ma yana da hujja, muddin bai kama lagwani a ƙasa ya kama jiki a sama ba.

Ra'ayina a fili yake: ban yarda lambobin nan suna da wani iko a kan kasuwa ba. Ma'auni ne na zurfin ja da baya, kuma mutane da yawa suna kallonsu, shi ya sa zangon da kowa zai gani da kallo ɗaya ya fi wanda sai an ƙura ido aka tono shi. A misalinmu wurin da zan sa wa ido shi ne tsakanin 162 da 163, inda 38.2 na babban zango ya haɗu da 61.8 na ƙarami, masu dogon zama da masu gajeren zama duk suna da dalilin jira a nan. Bayansa sai 150, inda rabin babban zango ya faɗo daidai kan tsohuwar ƙololuwa. Ko a nan ɗin ma ba na sayen layi. Sai na ga kyandir ya rufe a samansa, kuma na riga na rubuta farashin da zan fita idan aka keta shi.