Bel ɗin taimin da sarƙar taimin a injin motar hannu na biyu

Bel ɗin taimin da sarƙar taimin aiki ɗaya suke yi: haɗa kiranshaf, sandar da fistan ke juyawa, da kamshaf, sandar da ke tura bawuloli, ta yadda bawuloli za su buɗe su rufe daidai da hawa da saukar fistan. Duk zagaye biyu na kiranshaf, kamshaf na yin ɗaya. Bel roba ce mai haƙora da aka ƙarfafa da zare, kuma galibi ba ya taɓa mai. Sarƙa kuwa ƙarfe ce, baƙin man inji ke jiƙa ta.

Tarihi

Sarƙa da giya sun riga bel. Ana yawan ambaton Glas 1004 ta Jamus, wajen 1962, a matsayin motar farko da aka ƙera da yawa da bel. Ya yaɗu saboda arha da rashin ƙara, kafin kamfanoni da dama su koma sarƙa a wajajen 2000. Toyota Camry mai silinda huɗu ta bar bel a samfurin 2002.

Lalacewa

Bel ba kasafai yake gargaɗi ba. A injin da fistan da bawul ke ratsa wuri guda a lokuta daban, tsinkewarsa na sa fistan ya doki bawul ya lanƙwasa shi, sai an sauke kan inji. Sarƙa takan saki ne sannu a hankali idan ana jinkirta juyen mai. Alamarta ƙarar kacau-kacau da sassafe da zarar an tayar da mota, wani lokaci na'urar bincike ta nuna lambar matsala P0016.

Takardun gyara

Honda Accord ta 2003 zuwa 2007 ta isa misali. Mai silinda huɗu sarƙa gare ta, mai shida kuwa bel, kuma injinta na cikin masu lanƙwasa bawul. Ƙa'idar kamfanin ita ce a canza bel a mil 105,000 ko shekara bakwai, amma a mil 60,000 inda zafi ke wuce digiri 43, abin da bazarar Sakkwato da Maiduguri ke kaiwa.

A ce mai saye ya tarar da mai silinda shida tana nuna mil 98,000. Lambar ba hujja ba ce, don ana mayar da ita baya, kuma roba na tsufa ko mota na ajiye. Ko bakanike ya buɗe murfi, bel mai kyan gani na iya zama a bakin ƙarewa. Abin nema shi ne rasit ko sitika mai kwanan wata da adadin mil, da bayanin ko an canza famfon ruwa da tenshina mai ɗame bel tare. In babu, sai a ɗauka ba a taɓa canzawa ba, a cire kuɗin aikin daga farashi. A mai sarƙa, tarihin juyen mai ake bi, a kuma nemi jin injin tun bai ɗumama ba.

Saɓani

Wasu sababbin injuna na da bel mai gudu cikin mai. Ana jayayya kan ƙarkonsa.