Makin zanen da'irar lantarki da lissafin da ke gefensa

Tambaya: Malam, ina koyar da fizis a wata sakandare ta ƙauye a yankin Ringim. Na ba 'yan aji biyu batir mai 12 V, da resista mai 4 Ω a siris da wasu biyu, 6 Ω da 3 Ω, da ke faralel, na ce su zana da'irar su yi lissafinta. Ta ina zan fara maki?

Amsa: Fara da zanen, Malam, ka rufe lissafin da tafin hannu. Ɗora bakin biro a kan dogon layin batir, wato ɓangaren +, ka bi waya. Dole ka ratsa 4 Ω kafin hanya ta rabu biyu, reshe ɗaya ta 6 Ω, ɗaya ta 3 Ω, su sake haɗewa su koma gajeren layin. Kamar ruwan fadama ne da ya rabu a kwari biyu ya sake gamuwa. Idan biron ya sami wayar da za ta tsallake resista ba tare da ratsa ta ba, yaron ya kashe wannan resistar, komai kyan zanen. Amita tana kan hanyar da lantarki ke bi, boltmita kuwa tana gefe, ƙafafunta biyu a ƙarshen resistar da ake aunawa. Karkataccen layi ba laifi ba ne a wurina, don ba kowane yaro ke da rula ba.

Tambaya: Wasu sun sami 13 Ω, da yawa kuma 4.5 Ω. Daga ina?

Amsa: Mai 13 ya tara ukun ne kamar duk siris suke, bai gane rassan ba. Mai 4.5 kuwa ya kusa. Ga yadda aikin yake:

```
1/R = 1/6 + 1/3 = 1/2
R = 2 Ω
2 + 4 = 6 Ω
I = 12/6 = 2 A
```

Shi ya tsaya ne a 1/2, ya manta ya juya, ya tara 0.5 da 4. Ana yawan koya wa yara cewa amsar faralel dole ta gaza ƙaramar resistar, gaskiya ne, amma wannan bai kama shi ba, tunda 0.5 ma bai kai 3 ba. Ka ƙara musu da wannan: in resistoci biyu ne, amsar ba ta yin ƙasa da rabin ƙaramar. A nan sai ta faɗo tsakanin 1.5 da 3.

Tambaya: To in ba mai 4.5 sifili?

Amsa: A'a, don Allah. Ka zagaye layin da ya ƙi juyawa da jan biro, ka rage maki a nan kaɗai. In ya raba 12 da 4.5 ya sami kusan 2.67 A, hanyarsa daidai ce, ka ba shi makin hanya, ka hana shi na amsa. Wanda ya rubuta 6 tsirara babu Ω, shi ma a rage masa kaɗan.