Imel ɗin ta'aziyya ga abokin aiki ko kwastoma: ga amsoshin, don Allah a daina maimaita tambaya

"Mahaifin abokin aikina ya rasu, in tura masa imel ya wadatar?"

A'a. In yana cikin Gombe kai ma kana cikin Gombe, daga Pantami zuwa Tudun Wada ko Jekadafari kuɗin Keke nawa ne? Tashi ka je ka zauna a tabarma a yi addu'a da kai. Imel na wanda ke nesa ne, ko kwastoman da duk hulɗarku a rubuce take, ko kuma in ofis ne ke son ya bar shaidar cewa ya yi gaisuwa. Ko shi ɗin ma kira ya fi, imel ɗin ya biyo baya.

"Layi nawa ya kamata?"

Huɗu zuwa shida. Mai makoki ba zai karanta shafi guda ba, a waya zai buɗe yana zaune cikin mutane.

"Me zan sa a wurin Subject?"

Ta'aziyya. Ko ta'aziyyar rasuwar mahaifinka. Shi ke nan. Kuma sabon imel za ka buɗe, kar ka danna Reply a kan tsohuwar maganar kwangila, mutum ya ga kan saƙo yana cewa ragowar kuɗin kaya ya buɗe gabansa na faɗuwa sai ya tarar gaisuwar mutuwa ce a ciki.

"Ni ban iya tsara magana ba, ina tsoron kar in yi kuskure."

Kwantar da hankalinka, ba gasar insha'i ake ba. Abin da za ka faɗa in ka durƙusa gabansa a zaure shi za ka rubuta. Sallama, ka ce ka samu labari, ka ambaci wanda ya rasu da dangantakarsu, addu'a ga mamaci, addu'a ga waɗanda aka bari, sunanka. Ga shi nan kamar haka:

Assalamu alaikum Yallaɓai. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Yau da safe muka samu labarin rasuwar mahaifinka. Allah ya jiƙansa da rahama, ya gafarta masa, ya sa Aljanna ce makomarsa. Allah ya ba ka haƙurin rashi kai da Hajiya da sauran 'yan uwa. In tamu ta zo ya sa mu cika da imani.

Ka sa sunanka da na ofishinku a ƙasa ka tura. In ka taɓa haɗuwa da mamacin kana iya ƙara layi ɗaya na gaskiya, misali ranar da kuka je gida ya tsare ku sai da kuka ci abinci. In ba ka san shi ba kar ka ƙirƙiro masa hali, ɗansa ya fi ka sanin ko wane ne.

"Zan iya kwafo wanda na taɓa tura wa wani in canza suna?"

Kana iyawa, amma a nan ne mutane ke jin kunya. Mahaifiyar mutum ce ta rasu ka rubuta Allah ya jiƙansa ya gafarta masa, daga nan ya gane ko karantawa ba ka yi ba. Bi layi-layi ka duba sa da ta, masa da mata. In kuma ƙaramin yaro ne ya rasu addu'ar ma daban take, Allah ya sa mai ceto ne ake cewa, ba a jero neman gafara kamar na dattijo. In miji ne ya rasu ya bar yara ka ƙara da Allah ya raya abin da ya bari.

"In tambayi me ya same shi?"

Ina ruwanka? Kai likita ne?

"Kwastomanmu ɗan Kaltungo ne, Kirista, mahaifiyarsa ta rasu, ni Musulmi ne kuma muna bin sa cikon kuɗin aiki. Ya zan rubuta?"

Yawwa, wannan ce tambayar da ta cancanci a zauna a kanta, don a kudancin Gombe da ɓangaren Tafawa Balewa da Dass a Bauchi kullum sai an ci karo da ita, kuma amsarta ba guda ɗaya ba ce.

Da farko kar ka yanke hukunci da sunan kwastoman. A Kaltungo da Billiri da Balanga gida ɗaya za ka samu yaya Musulmi ƙane Kirista, uwa tana zuwa coci ɗa yana zuwa masallaci ko akasin haka, kuma sunaye irin su Musa da Yakubu da Ibrahim da Saratu kowane ɓangare na sa su. Saboda haka addinin kwastoma daban, addinin marigayiya daban, sai ka bincika. Hanya mafi sauƙi ita ce sanarwar rasuwar kanta. In an ce an yi jana'iza yau bayan azahar ko la'asar, kusan ka san amsar. In kuma an ce za a sanar da ranar biso nan gaba, ko ka ga an ambaci coci, ECWA ce ko wata, to ka gane. In babu sanarwa ka kira wani a ofishinsa ka tambaya a hankali, ba shi mai makokin ba.

To in ta tabbata Kirista ce fa? Abin da akasarin malamai ke koyarwa shi ne Musulmi ba ya nema wa wanda ya rasu ba a kan Musulunci ba gafara, amma yana yi wa iyalansa gaisuwa ya ba su haƙuri, musamman maƙwabci da abokin hulɗa. Ni ba mai ba da fatawa ba ne, wanda ke son zurfin maganar ya je wurin malaminsa, abin da nake cewa a aikace shi ne ka karkatar da imel ɗin gaba ɗaya zuwa ga mai rai. Ba sai ka ari kalmomin da ba ka yarda da su ba, ba kuma sai ka ɗora masa naka ba. Kamar haka:

Barka da war haka Yallaɓai. Mun samu labarin rasuwar Mama, mun kuma ji ba daɗi ƙwarai. Ina miƙa ta'aziyyata da ta dukkan abokan aikina gare ka da iyali baki ɗaya. Allah ya ba ku haƙuri da ƙarfin zuciyar jure wannan rashi, ya ta'azantar da ku. In an sa ranar biso don Allah a sanar da mu.

Ka ga babu abin da ya saɓa maka, babu kuma abin da zai sosa masa rai. Wasu kan tambaye ni ko a buɗe da Inna lillahi. Ya danganta da mutumin. Akwai Kiristan da ya tashi a cikin Hausawa shi da kansa yake faɗinta in ya ji mutuwa, akwai kuma wanda zai ga kamar ba a kula da ko shi wane ne ba. In ba ka san shi sosai ba, bar ta a bakinka, ka faɗa lokacin da ka ji labarin, ba sai ta shiga imel ba. Haka Kirista da zai rubuta wa Musulmi, in ya ce Allah ya jiƙansa ya ba ku haƙuri ba wanda zai ga laifinsa, amma dogon wa'azi da ayoyi ya ajiye, wannan dokar ta hau kan kowa.

Sai maganar lokaci, a nan ma akwai bambanci. Musulmi ana binnewa ranar ko washegari, zaman makoki kwana 3, don haka imel ɗinka ya isa cikin waɗannan kwanakin. A wajen Kirista gawa kan yi kwanaki ko makonni a mutuware kafin 'yan uwa su hallara, to kar ka ce sai ranar biso za ka rubuta, rubuta yanzu, ranar kuma in da hali wani daga ofis ya bi hanyar Yola ya je Kaltungo a gan shi.

Cikon kuɗi kuwa, ko da wasa kar ya shiga wannan imel ɗin. Ko a ƙasa, ko da "af na manta". Abin da kawai zan yarda da shi, shi ma in akwai wa'adin da ka san yana damunsa, shi ne layi ɗaya mai sauke masa nauyi: maganar aiki kar ta dame ka, sai ka natsu. Amma kar ka rubuta haka sai oganka ya amince, kar ka yi alkawarin jira da bakin kamfani washegari akanta ya aika masa takardar neman biya. Yaushe za a tayar da maganar kuɗin? Ni dai na fi son a bari sai an yi biso ya dawo bakin aiki, a sabon imel daban. In kuɗin ba zai jira ba, a nemi mataimakinsa ko wani a ofishinsu. In kuma shi kaɗai ne kamfanin, to sai haƙuri, ko oga ya kira shi da baki ya fara da gaisuwa.

"In sa duk ma'aikata a CC don su san na yi?"

Don su san ka yi? To riya kake ko ta'aziyya? Shi kaɗai za ka tura wa. Kuma in ofis ya aiko sanarwar rasuwa ga kowa da kowa, don girman Allah a daina danna Reply All, mutum na cikin jimami wayarsa na ta ƙara da amin amin daga mutanen da bai ma san su ba.

"Da Turanci ko da Hausa?"

Da harshen da kuke gaisawa in kun haɗu. In takarda ce da sunan ofis kuma da Turanci kuke aiki, yi da Turanci, addu'ar ka bar ta da Hausa.

"Sai bayan sati 3 na ji labari, ya wuce?"

Bai wuce ba. Ka ce sai yanzu labari ya iso ka, layi ɗaya, ka shiga addu'a. Ban da labarin wayarka da ta lalace da tafiyar da ka yi Kano. In matar mamaci ce abokiyar aikin kuma Musulma ce, ka tuna tana takaba wata 4 da kwana 10, saƙonka ya zama gajere mai kamun kai, in akwai mace a ofishinku ita ta je gidan.

"Ƙasan imel ɗina akwai tallan kamfani da ke fitowa da kansa."

Goge shi kafin ka tura. Suna da lambar waya sun isa. Hoton fuska mai hawaye da furanni su ma a bar wa WhatsApp.

"In rubuta cewa zan turo gudummawa, ya ba ni lambar akawun?"

Kar ka sa mai makoki ya zauna yana rubuto maka lambar banki kamar ya roƙa. Ku haɗa a ofis a ba wanda zai je ya miƙa a hannu, ko a nemi lambar wurin na kusa da shi.

"Na tura kwana 5 bai amsa ba, ko ya ji haushi ne?"

Uwarsa ce ta rasu, Malam. Ba ya jin haushinka, kai ma ba ka bin sa amsa. Kar ka sake turawa kana tambayar ko ya gani. Ranar da ya dawo ofis ka je teburinsa ka ba shi hannu ka ce ya ƙarin haƙuri.