Sanyin adirinal saboda daɗewa ana shan ƙwayoyin sitiroyid

Adirinal wasu ƴan gaɓoɓi ne guda biyu, kowace tana zaune a kan ƙoda. Su ke fitar da sinadarin kotizol, wanda ke riƙe bugun jini da sukarin jiki, musamman lokacin zazzaɓi, rauni ko tiyata. Idan mutum ya daɗe yana shan ƙwayoyin sitiroyid, kamar firednizolon ko dekzametazon, ƙwaƙwalwa takan ga kotizol ya wadata, sai ta daina aika sinadarin ACTH da ke tayar da adirinal. A hankali su yi sanyi, su motse. Ranar da aka yanke magani kwatsam, jiki ba shi da nasa, kuma na waje ya ƙare.

Tarihi

Likitan Ingila Thomas Addison ne ya bayyana cutar gazawar adirinal a 1855, tun babu maganinta. A 1948 Philip Hench ya gwada kotizon, wani maganin sitiroyid, a kan wata mai ciwon gaɓɓai a asibitin Mayo na Amurka, ta miƙe cikin kwanaki. Shi da Edward Kendall da Tadeus Reichstein suka karɓi kyautar Nobel a 1950. Murnar ba ta daɗe ba: a 1952 aka ba da labarin wani majinyaci da ya yi watanni kan kotizon, aka tsayar masa gab da tiyata, jininsa ya faɗi ya rasu. Firednizolon ya shigo kasuwa wajen 1955.

Wa abin yake kamawa

Wanda ya sha ƙasa da mako 3 zuwa 4 galibi yana iya dainawa kai tsaye. Haɗarin yana kan wanda ya wuce haka yana shan abin da ya fi wanda jiki ke yi da kansa, wato kimanin miligiram 5 na firednizolon a rana. Dekzametazon ya fi ƙarfi nesa ba kusa ba, domin miligiram 0.75 nasa daidai yake da wancan 5 ɗin, kuma ya fi daɗewa a jiki. Shi ne kuwa ake yawan saye a hannun masu tallan magani ba da takardar likita ba, wasu don asma ko ciwon gwiwa, wasu mata don ƙiba. Kumburin fuskar da ake ɗauka ƙiba ce, alamar illa ce.

Alamomi

Kasala mai tsanani, rashin son abinci, tashin zuciya, ciwon gaɓɓai da jiri idan an miƙe. A Damagaram ana saurin ɗora irin wannan kan zazzaɓin cizon sauro, shi ya sa ya kamata majinyaci ya faɗa wa likita ƙwayar da ya bari, ko da a kasuwa ya saya. Amai, gudawa, faɗuwar jini da gushewar hankali alamun gaggawa ne: allurar haidirokotizon miligiram 100 nan take, da ƙarin ruwa. Zafin bazara yana tsananta abin.

Ragewa

Ana ragewa da sauri a sama, a hankali a ƙasa. Sama da miligiram 5, abin tsoro shi ne ciwon asali ya dawo. Daga 5 zuwa ƙasa kuma jiran adirinal ake yi su farka.

A ɗauki mace mai ciwon gaɓɓai da ta yi wata 6 tana shan firednizolon miligiram 20. Likita zai iya cire 2.5 duk mako biyu, ta kai 10 cikin kimanin wata biyu. Daga nan miligiram 1 duk mako biyu har 5, sannan 1 duk wata. Tafiyar ta kusan wata tara ke nan, kuma da safe ake sha. Idan ciwon jiki da kasala suka taso a miligiram 4, a koma 5 a zauna makonni kafin a sake gwadawa. Mai dekzametazon akan fara mayar da shi kan firednizolon ko haidirokotizon.

Inda ake awon kotizol, ana ɗibar jini wajen ƙarfe 8 zuwa 9 na safe, awa 24 bayan ƙwayar ƙarshe. Ƙa'idar ƙungiyoyin likitocin Turai da Amurka ta 2024 ta ce sama da 300 nmol/L a daina, ƙasa da 150 a ci gaba. Tsakani kuwa a maimaita awon, kuma likitoci ba su haɗu a kan iyaka ɗaya ba.

Farfaɗowa takan ɗauki wata 6 zuwa 12, wani lokaci fiye. A tsawon wannan lokaci zazzaɓi, haihuwa ko tiyata suna buƙatar ƙarin magani na ƴan kwanaki, kuma wanda amai ya hana ƙwaya zama a cikinsa allura ake yi masa.