Sassauta tsoratarwa a tallan inshora da na lafiya

Sassauta tsoratarwa gyara ne da ake yi wa rubutun talla, na rediyo ko fosta ko wanda ake turawa a waya, domin a cire kalmomin da ke firgita mutum amma a bar gaskiyar cewa abin yana da lokaci kuma jinkiri yana da illa. An fi bukatarsa a tallan inshora da na kiwon lafiya, don su ne kullum suke taɓo ciwo da asara da mutuwa. Ba wai a ɓoye haɗarin ba ne fa, wannan kuskure ne da mutane da yawa ke yi, sai su wanke tallar tas har ta koma kamar gaisuwar Juma'a, babu wanda zai motsa.

Abin da bincike ya nuna

A 1953 masana halayyar ɗan Adam Irving Janis da Seymour Feshbach sun yi gwaji da ɗaliban sakandare a Amurka kan tsaftar haƙori. Wasu an nuna masu hotunan ruɓaɓɓun haƙora da dasashi mai ciwo, wasu kuma an yi masu bayani a hankali, sai ga shi waɗanda aka fi tsoratawa su ne suka fi ƙarancin canja yadda suke wanke baki. Binciken da aka yi ta yi bayan haka bai goyi bayan cewa tsoro kullum ɓata talla yake ba, sau da yawa ma yana aiki, amma da sharaɗi.

Sharaɗin ya fito sarai a gwajin Howard Leventhal da abokan aikinsa a jami'ar Yale a 1965, kan allurar rigakafin tetanas. An raba wa ɗalibai takardu, wata mai ban tsoro sosai wata mai sauƙi. Masu ta ban tsoron sun fi cewa lallai za su je a yi masu allura, amma da aka duba waɗanda suka je ɗin da gaske, yawan tsoron bai kawo wani bambanci ba. Abin da ya kawo bambanci shi ne taswirar makarantar da aka zagaye asibitin a jiki, da lokutan da ake yin allurar, aka kuma ce kowa ya duba jadawalinsa ya zaɓi lokacin da zai je. Kusan kashi 28 cikin ɗari na waɗannan sun je, sauran kuwa kusan kashi 3 kawai. Ɗaliban nan fa sun san inda asibitin yake tun da can, ba baƙi ba ne.

A 1992 wata mai bincike kan sadarwa, Kim Witte, ta tsara bayanin abin. Mai sauraro yana auna abu biyu: shin haɗarin babba ne kuma zai iya samuna, sannan shin akwai abin da zan iya yi wanda zai yi maganinsa. Idan na biyun ya yi ƙarfi sai ya tashi ya yi maganin haɗarin. Idan kuwa tsoron ya fi ƙarfin mafitar, to tsoron zai yi wa magani ba cutar ba, wato ya kashe rediyon, ko ya ce ƙarya ne kuɗi suke nema. A wajenmu ma akwai ƙarin wata kafa ta gudu, da ka ce wa magidanci "idan ka mutu gobe" zai ce maka a'uzubillahi, bakinka ya sari ɗanyen kashi, daga nan ya daina jin sauran maganar don ya ɗauke ta a mugun fata. Kuma mun ga abin da lakabi irin su "kabari kusa" suka yi a kan cuta mai karya garkuwar jiki, wa zai kai kansa gwaji idan sakamakon sunansa kabari?

Yadda ake gyaran

A ɗauki misalin tallar rediyo ta auna hawan jini, irin wadda za a iya rubutawa da farko:

"Hawan jini makashi ne! Yau kana tafe, gobe ka yanke jiki ka faɗi. Wa zai riƙe maka 'ya'ya? Kada ka bari sai an ɗauke ka ranga-ranga!"

Mai gyara ba ya fara da goge kalmomi, sai ya fara ware abin da yake gaskiya. Gaskiya ne hawan jini yakan daɗe a jiki babu wata alama, gaskiya ne yana jawo shanyewar ɓarin jiki da ciwon zuciya da na ƙoda, waɗannan su zauna. "Gobe ka faɗi" kuwa babu wanda ya san haka, hasashe ne aka yi wa rigar tabbas. Maganar 'ya'ya kuma ba ta ƙara wa mutum sanin komai ba, sukar zuciya ce kawai, kuma ni a ganina ita ce mafi muni a ciki, domin akwai matar da ke sauraro wadda mijinta yake kwance yanzu haka ɓarin jikinsa ya shanye. Sannan a duba abin da babu: ina za a je, yaushe, nawa ne, minti nawa zai ɗauka. Ko ɗaya ba a faɗa ba.

Bayan gyara sai ta zama kamar haka:

"Hawan jini ba ya sallama, mutum zai yi shekaru da shi bai ji komai ba, yana ta yi wa zuciya da ƙoda illa. Aunawa ba ta kai minti biyar, babu allura, kuma idan an gano shi akwai maganin da ke saukar da shi. Ana aunawa a asibitin unguwa ranar Talata da safe. Idan awon ya kai 140 bisa 90 za a ce ka dawo a sake aunawa kafin a yanke hukunci. Ka je wannan Talatar."

Haɗarin na nan, har ma an fi bayyana shi, amma kusan kashi biyu cikin uku na maganar yanzu mafita ce, kuma gaggawar tana da dalili: ɓarnar tana tafiya ne a ɓoye.

Gaggawa ta gaskiya da ta bogi

Hanya mafi sauƙi ta rarrabewa ita ce a tambayi kowace "yanzu-yanzu" da ke cikin tallar: me zai faru idan mutum ya jira sati ɗaya? Idan akwai amsa ta gaskiya a rubuta amsar a maimakon ihun. A inshorar lafiya amsar takan zama lokacin jira, tsare-tsare da yawa ba sa fara biya ranar da ka yi rajista, sai bayan wasu kwanaki ko watanni, musamman a kan haihuwa da tiyata, saboda haka "yi rajista tun kana lafiya, don katin ba ya fara aiki nan take" gaggawa ce ta gaskiya, da sharaɗin a faɗi adadin kwanakin kamar yadda yake a takardar yarjejeniya. Amma "saura kwana uku garaɓasa ta ƙare" alhali wata mai zuwa za a sake yin ta, wannan yaudara ce, kuma mutum sau ɗaya ake yi masa ita. A Najeriya ma ba ra'ayin mai talla kaɗai ba ne, hukumar ARCON tana tantance talla kafin ta fita, tallan magani sai da amincewar NAFDAC, kamfanonin inshora kuma suna ƙarƙashin NAICOM.

Akwai inda ba a sassautawa. Sanƙarau na iya kisa cikin awa 24, don haka sanarwar da ke cewa zazzaɓi mai zafi da ciwon kai da sanƙarewar wuya a kai mutum asibiti a ranar, kada a kwana, ba tsoratarwa ba ce, umarni ne daidai da girman abin. Abin da za a cire a nan hoton gawa ne da kiɗan makoki, ba kalmar "yau" ba.

Kafin a kai talla gidan rediyo ana karanta wa mutum goma ko sha biyu irin waɗanda ake nufi da ita, a tambaye su me aka ce su yi, kuma a ina. Idan suka ce "an ce hawan jini na kisa" amma suka kasa faɗin ranar da wurin, tsoron ya cinye saƙon, sai a koma a rage. Idan kuma suka ce "to, wata rana ma je", an sassauta fiye da kima, sai a dawo da jimlar da ke faɗin dalilin da ya sa jira ke da illa.